Zanen PRISMA ya ƙi daidaita: a ina rahotanni goma suka maƙale?

Hauwa'u: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan aikina na digiri na biyu. Bita mai tsari nake yi, wato sistamatik ribiyu, a kan yawan tsargiya tsakanin yara 'yan makaranta a arewacin Najeriya. Na gama tace takardu, na cike zanen PRISMA, wanda ke nuna takardu nawa suka shigo da nawa aka cire a kowane mataki, amma malamin da ke duba aikin ya dawo min da shi, ya zagaye lambobi biyu da jan biro ya ce lissafin bai fita ba. Ga abin da na rubuta:

Abin da na samo gaba ɗaya 1,039. Maimai da na cire 297. Waɗanda na duba take da tsakurensu 723, na watsar da 641. Waɗanda suka kai matakin karanta cikakkiyar takarda 82. Dalilan cirewa a wannan mataki, in an haɗa su, 61. Waɗanda suka shiga bitar 31.

Na san 82 a cire 61 saura 21 ne, ba 31 ba. Amma wallahi bincike 31 ne a teburina, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ta ina zan fara nema?

Auwal: Wa alaikumus salam. Matsalarki mai sauƙi ce, 'yar'uwa. Akwai shafin da ke zana shi da kansa, ki nemi PRISMA2020 Shiny app, ki zuba lambobinki ya fitar miki da shi tsaf. Da shi na yi nawa, ba wanda ya ce min uffan.

Malama Binta: Wa alaikumus salam Hauwa'u. Auwal, shafin nan yana da kyau wajen zane, amma abin da ka ba shi shi zai zana. Ba zai nemo mata inda goman nan suka shige ba.

Hauwa'u, tun a layin farko akwai tangarɗa, kafin ma a kai ga 21 da 31. In kin cire 297 daga 1,039 saura 742, ke kuma kin ce kin tace 723. Akwai 19 da suka shiga ta sama amma ba su bi ta matatar farko ba. Ki ba mu lambar kowane rumbu daban, kuma ki faɗa mana ko akwai takardun da ba daga rumbun bayanai kika samo su ba. Sannan ki rubuto mana dalilan nan 61, kowanne da adadinsa.

Hauwa'u: To Malama. PubMed 412, Scopus 388, AJOL 156, African Index Medicus 64. Jimla 1,020. Sauran 19 ɗin, 14 na tsinto su ne daga jerin manazarta a ƙarshen takardun da na karanta, 5 kuma kundayen digiri ne da na gani a laburaren jami'o'i biyu.

Dalilai: ba 'yan makaranta ba ne ko an cakuɗa su da manya, 17. Ba a arewa aka yi ba, 11. Ba a duba ƙwai a fitsari da madubin likita ba, 14. Ba sabon bincike ba ne, sharhi ne ko bita, 6. A asibiti aka ɗebi mutanen, 4. Ban samu cikakkiyar takardar ba, 9.

Malama Binta: Madalla, yanzu komai ya fito fili. Abubuwa ne daban-daban suka haɗu, bari mu bi su a hankali.

Na farko, 19 ɗin nan ba wurinsu ba ne a sama. Ina jin tsohon zanen 2009 kike kallo, wanda ke haɗa komai a tukunya ɗaya tun daga farko. PRISMA 2020, wanda aka buga a 2021, ya raba hanya biyu. Ta hagu ta rumbunan bayanai ce da rajistocin gwaji. Ta dama, mai taken Identification of studies via other methods, ita ce ta abin da kika samo daga jerin manazarta, shafukan hukumomi da ƙungiyoyi. Kowace hanya tana da nata lissafin har ƙasa, sai a akwatin ƙarshe suke haɗuwa. In kin mayar da 19 ɗin dama, hagu ta zama 1,020, a cire 297 saura 723, a cire 641 saura 82. Wannan ɓangaren naki daidai yake tun asali.

Na biyu, 9 ɗin da ba ki samu ba. Ba ki karanta su ba, don haka ba ki yanke musu hukunci ba, ba za su zauna cikin dalilan cirewa ba. Suna da akwatinsu, Reports not retrieved. Kin nemi 82, ba ki samu 9 ba, kin karanta 73. Mai karatu yana buƙatar ganin wannan lambar ita kaɗai, domin ita ce ke gaya masa girman abin da wataƙila ya kuɓuce wa bitar. A irin aikinki ma lambar tana da nauyi, saboda yawanci tsofaffin mujallun gida ne suke wuyar samu, kuma su ne suka fi ɗauke da binciken ƙauyuka.

Na uku, in an fitar da 9 daga 61 saura 52. Ki koma inda kika yi tacewar, ki bar ƙirga dalilai, ki ƙirga takardun kansu. Takarda nawa ce aka yi wa alamar cirewa a cikin 73?

Malam Isiyaku: Salamu alaikum. Ni dai a ganina an tsawaita abin. Babi na biyu ne fa, bitar ayyukan da suka gabata. Mu a sashenmu takarda talatin zuwa arba'in in ka kawo, na shekaru goma da suka wuce, an wuce wurin. Ki rubuta 31 ɗinki ki shiga fili ki ɗebo fitsarin yara, can ne aikin yake. Kin ma samu izinin kwamitin ɗa'a kuwa?

Hauwa'u: Allah ya gafarta Malam, ba babi na biyu ba ne, aikin gaba ɗaya ke nan. Ba zan je fili ba. Takardun su ne bayanaina, shi ya sa dole in nuna yadda kowace ta shigo da yadda ta fita.

Malama, na duba a Rayyan, manhajar da na yi tacewar a ciki. Takardu 44 ne aka cire. Na ga inda 52 ta fito: guda 8 na sa musu dalili biyu-biyu. Misali akwai wadda aka yi a kan mutanen gari duka, yara da manya a haɗe, kuma tsinken gwajin jini a fitsari kawai suka yi amfani da shi. Na sa mata duka biyun.

Malama Binta: Yauwa. To 73 a cire 44 saura 29. A zanen, kowace takarda dalili ɗaya take ɗauka, ko da tana da laifi uku. Tambayar ita ce wanne za a ɗauka, kuma wannan ba a ranar zane ake yanke shi ba, a furotokol ake rubuta shi, wato tsarin aikin da ake rubutawa kafin a fara nema. Ana jera dalilan bisa tsari, a ce za a bi su daga sama, wanda takarda ta fara faɗuwa a kansa shi ne nata, a tsaya nan. Na fi son a fara da abin da ake gani nan take ba tare da gardama ba, a ƙare da wanda ke buƙatar karatu mai zurfi. A naki zan jera su haka: shin sabon bincike ne? A arewa aka yi? 'Yan makaranta ne, ko an ware lambobinsu? A makaranta ko cikin gari aka ɗebe su, ba a asibiti ba? Da wace hanya aka gano cutar? Takardar da kika ba da misali da ita za ta faɗi a tambaya ta uku, ba za ta kai ta biyar ba.

Amfanin wannan ya wuce daidaita lissafi. In mutum biyu ne ke tacewa, ba tare da jerin nan ba za su yarda cewa takarda ta fita, amma su saɓa a kan dalili, sai a ɓata yini ana sasanta abin da layi biyar a furotokol zai kashe.

Yanzu ki gaya mana hanyar dama. Cikin 19 ɗin nawa kika samu, nawa suka tsira?

Hauwa'u: Na bi jerin yadda kika ce. Yanzu ya zama: ba sabon bincike ba 6, ba a arewa ba 11, ba 'yan makaranta ba 15, na asibiti 3, hanyar gwaji 9. Jimla 44, alhamdu lillahi.

A dama, na nemi duka 19, ban samu 4 ba, na karanta 15, na cire 9, saura 6. Amma Malama 29 da 6 ai 35 ne. Yanzu kuma sun yi yawa da huɗu.

Malama Binta: Ba su yi yawa ba. Nan ne wurin da ya fi muhimmanci a zanen duka, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ki lura da kalmomin da ke cikin akwatunan, suna canjawa daga sama zuwa ƙasa. A sama an rubuta Records, a tsakiya Reports, a ƙasa Studies. Ba ado ba ne. Abin da kike ƙirgawa ne yake canjawa. A sama kina ƙirga take da tsakure kamar yadda rumbu ya jero su. A tsakiya kina ƙirga takardu da kika riƙe kika karanta, ko maƙala ce, ko kundi, ko tsakuren taro. A ƙasa kina ƙirga aikin da aka yi a fili, wato zuwa makarantu kaza a lokaci kaza aka gwada yara kaza. Aiki ɗaya yana iya haifar da takardu biyu ko uku.

Shi ya sa akwatin ƙarshe yake da layi biyu: Studies included in review da Reports of included studies. Ina kyautata zaton lokacin da kike cike teburinki kin haɗe wasu takardu da kika gane aiki ɗaya ne. Haka ne?

Hauwa'u: Haka ne kuwa. Akwai kundin digiri ɗaya da aka fitar da maƙala biyu daga cikinsa, ɗaya a kan yawan cutar, ɗaya a kan hulɗar yara da ruwan dam. Makarantu ɗaya, adadin yara ɗaya. Na sa su a layi guda. Sai wasu biyu, kowannensu maƙala biyu. Ke nan uku sun zama ɗaya, biyu sun zama ɗaya, biyu sun zama ɗaya. An rage huɗu. Rahoto 35, bincike 31. Ya fita! Allah ya saka da alheri Malama.

Malama Binta: Amin. Kin yi daidai da kika haɗe su, domin da kin bar su daban, da yaran makarantun nan an ƙirga su sau uku a lissafin haɗaka, su ja sakamakon zuwa ɓangarensu. Ki sake bin sauran da wannan idon, don ba kullum suke nuna kansu ba. Wani lokaci sunan marubucin farko ya canja, take ya canja, mujalla ta canja. Abin da ke tona su shi ne ƙaramar hukuma, watannin da aka ɗebi fitsari, adadin yara, da rabon maza da mata. In waɗannan sun zo ɗaya, kusan tabbas aiki ɗaya ne. In adadin ya ɗan bambanta, wata ta ce yara ɗari huɗu wata ta ce ɗari uku da tamanin a makarantu iri ɗaya, ki rubuta wa marubucin ki tambaya. In bai amsa ba, ki ɗauki mafi cika, ki faɗa a rubutunki cewa haka kika yi.

Zanen nan kamar littafin mai shago ne: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, kowane layi sai ya biya na samansa. Amma ina da tambayar da ta fi lissafin. Sharuɗɗan nan biyar, yaushe kika rubuta su? Kafin ki fara nema ko bayan kin ga takardun?

Hauwa'u: Suna cikin furofozal ɗina da sashe ya amince da shi kafin in fara. Sai dai abu ɗaya na canja. Da farko na ce shekara 5 zuwa 14. Da na fara karantawa sai na ga takardu da yawa sun haɗa da 'yan ƙaramar sakandare, wasu ma a firamare akwai 'yan 16 da 17, kuma ba su raba lambobin ba. Sai na faɗaɗa zuwa 18. Ban yi rajista a PROSPERO, rumbun rajistar bita mai tsari, ba.

Auwal: To ki hanzarta ki yi yanzu, ki sa 5 zuwa 18 kawai, magana ta ƙare. Mujallu da yawa ba sa ko kallon takarda in babu lambar nan mai farawa da CRD. Kuma kyauta ne. PRISMA ma ta wajabta rajista.

Malama Binta: Auwal, rabin maganarka gaskiya ce. Kyauta ne, kuma editoci suna tambayar lambar. Ƙa'idar PROSPERO, wadda cibiyar bita ta Jami'ar York ke gudanarwa tun 2011, ita ce a yi rajista kafin a fara ɗebo bayanai daga takardu. In Hauwa'u ba ta fara ɗebowa ba, ƙofa a buɗe take. Amma fom ɗin yana tambayar matakin da aiki ya kai, kuma dole ta nuna cewa nema da tacewa sun kammala. Ba za ta rubuta 5 zuwa 18 kamar haka abin yake tun farko ba.

Kuma PRISMA ba ta wajabta rajista ba. Jagorar ba da rahoto ce, aikinta ta sa ka faɗi abin da ka yi. Abu na 24a cewa ya yi ka ba da lambar rajista, ko ka faɗa cewa ba a yi ba. Na 24b ya ce ka nuna inda za a samu furotokol, ko ka ce ba a rubuta ba. Na 24c ya ce ka bayyana duk canjin da aka yi da dalilinsa. Shi ya sa nake gyara wa ɗalibai idan suka rubuta cewa sun gudanar da bita bisa PRISMA. Rahoton ne aka rubuta bisa PRISMA. Yadda ake gudanarwa yana cikin littafin jagora na Cochrane, ko na JBI, wanda ya fi dacewa da bitar yawan cuta irin wannan.

Hauwa'u, canjin da kika yi ba laifi ba ne, dalilinki mai ƙarfi ne, duk wanda ya san makarantun karkara ya san shekaru ba sa bin aji. Abin da ake gudu shi ne mutum ya canja sharaɗi bayan ya ga sakamako, don ya shigo da takardar da ke ba shi lambar da yake so. Hanyar wanke kai ita ce ki rubuta ranar da kika canja, matakin da kike a lokacin, da dalili. Ki ɗora furofozal ɗin na asali yadda yake a OSF, shafin da masu bincike ke ajiye takardun aikinsu a fili. Sannan a lissafi ki yi sau biyu, ɗaya da duka 31, ɗaya da waɗanda suka tsaya a 14 kawai, mai karatu ya ga ko canjin ya motsa sakamako.

Abu ɗaya kuma da ya shafi zanen kai tsaye: lokacin da kika faɗaɗa shekarun, kin riga kin watsar da wasu a matakin take da tsakure bisa tsohon sharaɗi? In haka ne, akwai masu cancanta a cikin 641 ɗin nan.

Hauwa'u: Innalillahi. Na canja ne bayan na gama matakin farko. Duk wadda takenta ya ce sakandare na watsar da ita a lokacin. Zan koma in sake bin su. Ban fara ɗebo bayanai ba tukuna, sunan gari da shekara da adadin yara kawai na sa a tebur don in gane masu maimaituwa.

Nasiru: Ni ma'aikacin leb ne, ban san PRISMA sosai ba, amma ina da ja a kan 9 ɗin da aka cire saboda hanyar gwaji. Duba ƙwai da madubi ba shi da tsarkin da kuke ba shi. Fitsari ɗaya, mililita 10, in ba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana aka karɓa ba, ko yaron ƙwansa kaɗan ne, sai ka duba ka ce babu alhali akwai. Sannan wanda ya tace da matata da wanda ya juya a inji ya duba abin da ya kwanta ba lallai su samu abu ɗaya ba, ku kuma kun zuba su a kwando guda. Tsinken gwaji kuwa da shi ake aiki a wurare da yawa saboda babu wuta babu madubi. In kin cire su, kin cire ƙauyukan da suka fi nisa.

Malama Binta: Malam Nasiru, wannan magana ce ta wanda ya san aikin, kuma irinta ake so a ji tun ana rubuta furotokol. Sai dai tsinken yana gano jini ne, ba ƙwai ba, kuma yanzu da aka kai shekaru 18 akwai 'yan mata masu al'ada a ciki, jinin zai iya fitowa ba don tsargiya ba. Ni zan bar su a waje kamar yadda furofozal ya ce, in jera su da sunansu a ƙarƙashin abu na 16b, wanda ya ce a ambaci binciken da mai karatu zai zaci ya cancanta amma aka cire, tare da dalili. Batun matata da inji kuwa, ta sa shi cikin bayanan da za ta ɗebo, ta raba lissafin a kansa.

Nasiru: Na ji Malama, amma ban gamsu ba. Me zai hana ta shigo da su a matsayin rukuni daban, kada ta haɗa lambarsu da ta madubi? Jera suna a ƙarshen takarda ba ya sa yaran wuraren nan cikin taswira.

Malama Binta: Ana iya yi, kuma da yau ake fara aikin wataƙila in goyi bayanka. Amma zai zama canji na biyu bayan an ga takardu, kuma zai sa ta sake bin 641 ɗin da wani sabon sharaɗi. Wannan hukuncin nata ne da malaminta.

Mahamadu: Sannunku da aiki. Ni daga Damagaram nake, irin wannan aikin nake shirin yi a kan Nijar, ina matakin rubuta furotokol. Abu biyu nake so in sani. Me ya kamata ya shiga ciki don kada in faɗa inda 'yar'uwa ta faɗa? Sannan mu rabin takardunmu da Faransanci suke, na ga bitoci da yawa suna cewa Turanci kawai. Hakan ya halatta?

Malama Binta: Malam Mahamadu, ka ɗauko PRISMA-P na 2015, abubuwa 17 ne, an yi shi musamman don furotokol. Ba zan jero maka su ba, za ka gani da kanka. Wuraren da nake so ka daɗe a kansu su ne waɗanda fom ɗin ya ba layi ɗaya amma suke cin mutane.

Tambayarka ba ta magani da kwatanci ba ce, don haka kada ka tilasta ta cikin PICO, tsarin tambayar da ake amfani da shi wajen gwajin magani. JBI suna amfani da CoCoPop, wato cuta, wuri, da mutane, kuma kowanne ka rubuta shi yadda baƙo zai yanke hukunci da shi ba tare da ya kira ka ba. Kalmar arewa a aikin Hauwa'u misali ce: jihohi 19 ne, har da Kwara da Kogi da Binuwai? Abuja fa? Takardar da ta haɗa makarantun Kogi da na Edo ba ta raba ba, ina za ta? Ka rubuta abin da za ka yi da binciken da ya haɗa yara da manya: za ka karɓa in an ware lambobin yara, ko in yara sun kai wani kaso da ka ƙayyade. Ka rubuta jerin dalilan cirewa bisa tsari. Ka rubuta yadda za ka gane takardu biyu aiki ɗaya ne. Ka rubuta sau nawa za ka tuntuɓi marubuci da tsawon jiran da za ka yi kafin ka ce ba a samu takarda ba.

Abu na 10 na PRISMA-P yana son daftarin kalmomin nema na aƙalla rumbu ɗaya, cikakke. Naka a PubMed zai iya farawa haka:

```
("Schistosomiasis haematobia"[Mesh] OR schistosom*[tiab] OR bilharz*[tiab])
AND ("Niger"[Mesh] OR Niger[tiab] OR Zinder[tiab] OR Maradi[tiab] OR Niamey[tiab])
```

Ka shirya ganin takardun jihar Neja ta Najeriya da na yankin Neja Delta sun shigo ta kalmar Niger. Kada ka kore su da NOT, domin za ka iya korar takardar da ta ambaci ƙasashen biyu. Ka bar su su faɗi a tacewa. Ka gwada layin da takardu biyar ko shida da ka riga ka san sun cancanta, in ɗaya ba ta fito ba akwai kalmar da ta ɓace. Ranar da ka yi nema na gaske, ka rubuta kwanan wata da adadin da kowane rumbu ya ba ka nan take, ka ajiye fayil ɗin da ka sauke ba tare da ka taɓa shi ba. In ka dawo bayan wata biyu lambar ta canja, ba za ka sake samun ta farko ba.

Batun harshe, PRISMA ba ta hana ƙayyadewa ba, ta ce dai a faɗa. Amma bitar Nijar da ta bar Faransanci ta bar babban ɓangare na abin da aka rubuta, kai kuma kana jin harshen, ba ka da dalilin barinsa. A rumbunan da ba sa fassara take, ka nema da bilharziose ma.

Auwal: Google Scholar fa? Ni a hagu na sa shi tare da PubMed, na rubuta dubu goma sha wani abu da ya nuna min a sama.

Malama Binta: Lambar nan ta sama ƙiyasi ce, kuma ba ya buɗe maka fiye da 1,000 ko da ka so. Abin da ka duba da idonka shi za ka rubuta, kuma ka ƙayyade shi tun a furotokol, a ce 200 ko 300 na farko bisa jerin da ya bayar. Hagu ko dama kuwa, masu aikin ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ni a dama nake sa shi, saboda in wani ya maimaita neman ba zai samu jeri iri ɗaya ba. Na san abokan aiki da ke sa shi a hagu in sun sauke sakamakon sun haɗa da sauran kafin cire maimai, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, tunda ya bi matatar da sauran suka bi.

Hauwa'u: Malama, saura tambaya ɗaya. Ni kaɗai na yi tacewar duka. Tunda zan koma kan 641 ɗin, in nemi wani ya yi tare da ni? Abokiyar karatuna ta yarda, amma ba za ta iya duka ba, ita ma tana da nata.

Malama Binta: In lokacinta kaɗan ne, ki kashe shi a kan cikakkun takardu, 73 na hagu da 15 na dama da duk abin da zai ƙaru, domin a nan ne Cochrane ma ta dage sai mutum biyu, kowa shi kaɗai. Ki kunna Blind a Rayyan don kada ta ga hukuncinki. A matakin take da tsakure, ta ɗauki wani kaso da aka zaɓa da ƙuri'a. In ta tsinto masu cancanta da kika watsar, to alama ce sai an bi sauran duka. Ki rubuta ainihin abin da aka yi a ƙarƙashin abu na 8 na PRISMA 2020, har da wanda ya raba gardama in kun saɓa. Kuma kada ki sake zana komai sai kun gama, domin 641 da 82 da duk abin da ke ƙasansu za su motsa.

Nasiru: Tunda dai za a sake bin 641 ɗin, ki sa wa na tsinken gwaji wata alama daban yayin da kike wucewa. Ko ba ki shigo da su ba, mu san yawansu da jihohin da suke. In kin kai wa malaminki lambar, shi ya yanke.

Hauwa'u: Zan yi haka Malam Nasiru, ba zai ƙara min aiki sosai ba. Ranar Litinin zan gan shi, zan kai masa maganar shekarun da ta tsinken tare. Malam Mahamadu, in ka gama daftarin naka ka turo, ina son ganin yadda ka jera dalilanka.